Kuɗin aike kyauta, mudu kuma a tauye

Wannan rubutu yana da ɗan tsawo, amma duk wanda yake da ɗa ko ƙane ko miji a ƙasar waje da ke turo kuɗi gida, ina roƙonsa ya daure ya kai ƙarshe. Yanzu lokacin shirin dashen albasa ne a Aliero da fadamun Jega da Maiyama, lokacin da ake neman kuɗin taki da fetur ɗin injin ban ruwa da na 'yan ƙwadago. Lokaci ne kuma da 'yan uwanmu na Jidda da Makka da Akara da sauran wurare ke ta turo abin da Allah ya hore musu. Saboda ina koyar da lissafi, kusan kowane mako sai wani ya kawo mini waya ya ce, "Malam, duba mini, kuɗin nan ba su cika ba." Na duba irin waɗannan da yawa, kuma kusan kullum amsar iri ɗaya ce. Shi ya sa na ga gara in rubuta ta sau ɗaya kowa ya samu.

Duk wanda ke aika maka kuɗi daga wata ƙasa zuwa wata yana cin ribarsa ta ƙofa biyu. Ƙofa ta farko ita ce caji, wato kuɗin aiken da ake rubuta maka ɓaro-ɓaro. Ƙofa ta biyu ita ce farashin canji, wato naira nawa zai ba ka a kan kowane riyal ko dala. Ta farko kowa yana ganinta. Ta biyun ba a rubuta ta da sunan caji, amma sau da yawa ita ta fi cin kuɗi.

Mu mutanen kasuwar Jega ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ka kawo gero, dillali ya ce maka ba ya son la'adarka ko kwabo, ka ji daɗi. Amma da aka zo awo, mudun da aka sa ba mudun kasuwa ba ne. Ko manomin albasa da mai saye ya ce masa shi zai biya lodi da mota, sai dai buhun da ya zo da shi ya fi na kowa ciki. Ba a karɓi komai a hannunka ba, amma an ci. To kamfanin da ya ce maka aikensa kyauta ne, a farashin canji yake saka nasa mudun. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kafin ka gane an tauye mudu, sai ka san mudun gaskiya. Je ka wurin kowane mai canji ka tambaye shi dala, zai ba ka farashi biyu. In kai za ka sayar masa, ya ce misali 1,490. In kai za ka saya, ya ce 1,510. Tsakiyar biyun, 1,500, shi ne ainihin farashin kasuwa, kuma shi ne kusan abin da za ka gani in ka bincika a waya. Babu wanda zai ba ka wannan farashi cif-cif, domin kowa na neman abin miya. Amma shi ne ma'auni. Duk abin da aka rage daga gare shi kuɗi ne ka biya, ko an kira shi caji ko ba a kira ba.

Ga masu 'yan uwa a Saudiyya abin ya zo da sauƙi. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta da dala a kan riyal 3.75, kuma har yau haka yake. Saboda haka in ka san farashin dala a Najeriya, raba shi da 3.75, ka sami farashin riyal. Ranar da dala take 1,500, riyal 400 ne. Riyal 1,000 naira dubu 400 ke nan.

Bari in ba ku wani lamari da aka kawo gabana, wanda ya kusa raba zumunci. Ba zan kama suna ba. Wani yaro daga wani ƙauye na ƙasar Maiyama yana tuƙi a Jidda. Ya tara riyal 2,000 ya ce a yi noman rani da su. Yayansa da ke gona ba shi da asusun banki, mahaifiyarsu ma haka, don haka aka tura ta asusun ɗan kawunsu mai shago a nan Jega. A satin dala tana wajen 1,500. Yaron ya ji ana cewa riyal 400, ya buga lissafinsa, ya kira mahaifiyarsa ya ce, "Inna, na turo dubu 800, a je Jega a karɓa." Da yayan ya zo, mai shago ya ƙirga masa dubu 741.

Kun san abin da ya biyo baya. Dubu 59 ba kuɗin da ake ɗauke kai ba ne. Tsohuwa ta ce ita dai ɗanta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Yaron daga can ya rantse cewa ba a cire ko riyal ɗaya ba, da idonsa ya ga sifili a wurin caji, lokacin da abokin ɗakinsa ke tura masa ta manhajar wayarsa. Mai shago ya nuna alat, aka ce ai alat ɗin na iya zama biyu ya nuna ɗaya. Bawan Allah nan ya zo wurina idonsa ja, ya ce, "Malam, wanga abu ya ishe ni. Taimako ni yi, yau ga ni ɓarawo wurin gwaggona."

Na ce a sa yaron ya turo hoton rasiɗin kamar yadda yake a waya. Ga layukan da suka warware maganar:

```
Fee: 0.00 SAR
1 SAR = 376 NGN
```

Yaron ya yi gaskiya, caji sifili ne. Amma layi na biyu shi ne bai karanta ba. An ba shi riyal a kan 376 maimakon 400, wato an rage naira 24 a kan kowane riyal. Naira 24 ba ta sayen ko ruwan leda biyu, shi ya sa ido ba ya tsayawa a kanta. Amma 24 sau 2,000 dubu 48 ne. Abin da ya shigo asusun mai shago dubu 752 ne daidai, kamar yadda alat ya nuna. Sauran dubu 11 kuma masu POS suka ɗauka, domin yayan ya ce tsabar kuɗi yake so, aka cire su kashi-kashi ana biyan wajen 1,500 a kan kowace dubu 100. Dubu 48 da dubu 11, ga dubu 59 ɗinku. Babu ɗan uwan da ya ci ko sisi. Fiye da kashi 7 cikin ɗari na gumin yaron ya zube a hanya, kuma mafi yawansa ya zube ne tun kuɗin ba su bar Jidda ba.

An sasanta, an ba mai shago haƙuri. Amma ya ce daga ranar kada a ƙara turo kuɗin kowa ta asusunsa, kuma ban ga laifinsa ba. Wannan ita ce hasarar da ba ta fitowa a rasiɗi. Mai karɓa a gida, ko wa ne ko mata ko ɗan kawu, shi ke ɗaukar zargin kuɗin da wani kamfani can ya ci a ɓoye. Gida nawa ne ake gaba a kan irin wannan ba tare da an zauna an duba ba?

Bayan an huce, na ce wa yaron ya bincika mini wasu hanyoyin a rana guda, a kan riyal 2,000 ɗin dai, mu gwada. Ya je wani ofishin aika kuɗi. Su cajinsu riyal 20 ne, sannan a ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari da Saudiyya ke karɓa tun Yulin 2020, ya zama riyal 23. Ya ce mini ai tun farko wannan 23 ɗin ce ta kore shi daga wurinsu. Amma farashinsu 392 ne. Cire 23 daga 2,000, saura 1,977. Buga shi sau 392, ka sami naira 774,984. Wato wurin da ake caji ya fi wurin kyauta da kusan dubu 23. A farashin da muke sayen fetur a lokacin, wannan kusan jarka guda ce mai lita 25, ban ruwan kwanaki ke nan ga mai ƙaramar fadama. Ya guje wa riyal 23 da yake gani, ya biya riyal 120 da ba ya gani.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya tafi da cewa mai caji kullum shi ya fi. Ba haka ba ne, kuma nan ne wurin da nake so a natsu. Caji tsayayye ne, ko ka tura kaɗan ko ka tura da yawa 23 ɗin nan ce. Ragin farashi kuwa yana girma ne tare da kuɗin. Ɗauki wanda zai turo riyal 300 kawai na cefanen wata, wanda a farashin kasuwa naira dubu 120 ne. In ya bi ta ofishin caji, 277 za a canza a kan 392, gida su sami 108,584, ya yi hasarar kusan kashi 10 cikin ɗari. In ya bi ta manhajar kyauta, 300 sau 376, gida su sami 112,800, hasarar kashi 6. Kun ga nan mai kyautar ya yi nasara. Da waɗannan farashin biyu, wurin da suke yin kunnen doki wajen riyal 560 ne. Ƙasa da haka manhajar ta fi, sama da haka ofishin ya fi. Gobe in ɗayansu ya sauya farashi, iyakar ma ta matsa.

Don haka babu kamfanin da zan ce maka riƙe shi har abada. Abin da za ka riƙe tambaya ɗaya ce: in na ba ku kaza gaba ɗaya, da caji da haraji da komai, naira nawa za ta shiga asusun mutumina? Kada ka tambayi caji shi kaɗai, kada ka tambayi farashi shi kaɗai. Tambayi abin da zai sauka. Sannan ka buga kuɗinka sau farashin kasuwa na ranar, ka cire abin da zai sauka. Abin da ya rage shi ne ainihin kuɗin aiken. In kana son sanin kashi nawa ne cikin ɗari, raba shi da cikakken kuɗin ka buga sau 100. A lamarin yaron nan, 48,000 a raba da 800,000, kashi 6 ke nan. Kalkuletar kowace waya tana yi, har ƙaramar nan mai tocila. Mai babbar waya kuma yana iya rubuta `SAR to NGN` a wurin bincike ya ga farashin ranar, mai dala ya rubuta `USD to NGN`, na Ghana ya rubuta `GHS to NGN`.

Kashi nawa ne ya yi yawa? Akwai ma'auni. A cikin muradun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, an sa burin cewa kafin 2030 kuɗin aike ya sauko ƙasa da kashi 3 cikin ɗari, kuma kada a bar wata hanya da ta haura kashi 5. Bankin Duniya yana bin farashin aika dala 200 tsakanin ƙasashe, kuma in zai ƙirga yana haɗa caji da ragin farashin canji ne wuri guda, kamar yadda muka yi yanzu. Abin da yake samu shekara da shekaru shi ne matsakaicin duniya yana wajen kashi 6, na ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara kuma wajen kashi 8, mafi tsada a duniya. Najeriya tana samun wajen dala biliyan 20 a shekara daga 'ya'yanta na waje. Kowane kashi 1 cikin ɗari na wannan dala miliyan 200 ne. Don haka in lissafinka ya ba ka kashi 3 ko ƙasa, ka yi ciniki mai kyau. In ya haura 5, nemi wata ƙofa.

Wani zai ce, to da can me ya sa ba mu jin wannan magana? Saboda dokokin sun sauya, kuma yawancinmu muna tafiya ne da tsohon sani. A ƙarshen Nuwamban 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin a riƙa biyan kuɗin da aka turo daga waje da dala. Mutum ya je banki ya karɓi dalarsa, ya fita ya nemi mai canjin da ya fi ba da farashi. A Maris na 2021 har ƙarin naira 5 aka riƙa bayarwa a kan kowace dala don jawo mutane su bi ta banki. A wancan lokaci cinikin canji a hannun mai karɓa yake, a nan gida. Kuma dole ne ya fita waje ya canza, domin zuwa farkon 2023 farashin gwamnati yana wajen 460, na bayan fage kuma ya haura 700.

A Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Sannan a ƙarshen Janairun 2024 Babban Banki ya fito da sababbin ƙa'idoji ga kamfanonin aika kuɗi. Na farko, da naira za a riƙa biyan mai karɓa, ba dala ba, kuma abin da ya haura kwatankwacin dala 200 sai dai ta asusu. Na biyu, an cire iyakar da aka sa musu a da, ta cewa farashinsu kada ya kauce wa na kasuwar hukuma da fiye da kashi 2.5 cikin ɗari. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, mai karɓa a Jega ko Aliero ba shi da sauran abin tayawa. Naira ce ke shigo masa an riga an auna. Duk cinikin ya koma hannun mai turowa, a daƙiƙar da zai danna waya ko ya miƙa kuɗi a kanta. In bai duba a lokacin ba, babu wanda zai duba masa.

Akwai kuma hanyar da kowa ya sani ko da ba a faɗa, ta mutanenmu masu karɓar riyal a can su sa yaronsu ya biya naira a nan. Yaron ya tambayi ɗaya daga cikinsu a ranar, ya ce 388 babu caji, wato dubu 776. A lissafi ya ɗan fi ofishin ma da wajen dubu ɗaya. Na san da yawa cikin masu wannan sana'a mutanen kirki ne, kuma wanda ba shi da takardar zama ba shi da wata ƙofa sai tasu, domin ofis ba ya karɓar kuɗinka sai da iƙama. Amma a san abin da ake saye. Babu rasiɗi, don haka in magana ta tashi irin wadda na ba ku labari, babu hoton da za a turo. Hukumomin Saudiyya ba su yarda da aika kuɗi ta hannun wanda ba shi da lasisi ba, in aka kama shi kuɗinka na hannunsa sun shiga ruwa. Sannan akwai jinkiri. In ya ce sai bayan kwana huɗu, tambaye shi, farashin yau za a biya ko na ranar biya? A farkon 2024 mun ga yadda dala ke tashi da faɗuwa da naira ɗari ko fiye cikin 'yan kwanaki. A irin wannan lokaci, wanda ya riƙe kuɗinka kwana huɗu kuma shi ke zaɓen farashin ranar da ya ga dama, ya sami riba ta uku. A da, lokacin da tazarar banki da bayan fage ta kai ɗaruruwan naira, ɗaukar wannan kasada yana da hujja. Yanzu da tazarar ta matse, mai iƙama ya auna ya gani ko dubu ɗaya ta kai ya rasa rasiɗi.

'Yan albasarmu da ke kai kaya Ghana, musamman tun da aka tayar da kasuwar albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, su nasu ciwon daban ne, wato canji hawa-hawa. An sayar da sidi, a canza zuwa sefa saboda hanya ta Togo da Benin, a iso iyaka a canza sefa zuwa naira. Kowane mai canji ya ɗauki nasa. In kowanne ya rage kashi 2 kawai, kafin kuɗin su iso Aliero kusan kashi 4 sun tafi, dubu 40 a kowace miliyan, kuma babu wanda ya ambaci caji ko sau ɗaya. Abin da ya fi shi ne a canza iya sefar da za a kashe a hanya, sauran a tambayi farashin sidi zuwa naira kai tsaye a gwada. Wannan hawa biyun yana faruwa har a banki: a mayar da riyal dala a can a ɗan rage, dalar ta iso a mayar da ita naira a sake ragewa. In rasiɗin da aka ba ɗan uwanka ya nuna dala kawai bai nuna naira ba, to ba a gama awo ba, akwai mudu na biyu a gaba.

Wata dabarar da na lura da ita ita ce farashin maraba. Ka buɗe manhaja sabuwa, aiken farko a ba ka farashi mai daɗi, wani lokaci har ya kai na kasuwa. Ka saki jiki, ka gaya wa abokai. Aike na uku da na huɗu farashi ya koma yadda yake, kai kuma ka daina dubawa saboda ka riga ka yarda. Ci na farkon, halal ɗinka ne, amma duk ranar da za ka tura ka sake gwadawa da wani wuri. Minti biyu ne.

Ga masu turo kuɗi duk wata ta wurin da ake caji tsayayye, haɗawa na rage hasara. Riyal 300 sau 12 a shekara, cajin 23 kowane aike, riyal 276 ke nan. In aka mayar da shi 900 duk wata 3, cajin shekara ya koma 92. An tsira da riyal 184, sama da naira dubu 73. Amma na san gidajenmu. Akwai gidan da in kuɗin wata 3 suka shigo lokaci guda, kafin sati biyu biki da suna da masu lalura sun kwashe, yara su zauna da yunwa. Irin wannan gida gara a biya cajin a riƙa turowa wata-wata. Lissafi yana nuna maka farashin zaɓinka ne, ba ya zaɓar maka.

A nan gida ma akwai abin gyarawa. Dubu 11 ɗin da masu POS suka ɗauka a labarin nan, da an kauce wa mafi yawansu. Mai taki a Jega yana karɓar taransfa, gidan mai ma haka. Tsabar kuɗi ta 'yan ƙwadago ce da cefane, ita kaɗai ya kamata a cire. Kuma duk gidan da ake turo wa kuɗi a kai a kai, ya dace mai haƙƙin da kansa ya buɗe asusu, ko tsohuwa ce a raka ta, alat ya riƙa shigowa wayar cikin gida. Hakan zai hutar da masu shaguna da malaman makaranta da aka mayar bankin dangi.

Ban ce kamfanonin nan ɓarayi ba ne. Suna biyan ma'aikata da haya da lasisi, suna ajiye naira a nan tun kafin kuɗinka su iso, kuma in farashi ya juya su ke ɗaukar faɗuwa. Riba halal ce. Abin da nake ƙi shi ne a rubuta sifili da manyan baƙaƙe, a ɓoye kashi 6 a ƙaramin layi. A Amurka doka ta tilasta wa kamfani ya nuna wa mai aike caji da farashi da ainihin abin da zai sauka kafin ya biya. Duk da haka ko can ba a faɗa maka nawa aka rage daga farashin kasuwa, kai za ka lissafa. Masu 'yan uwa a can kuma su sani, dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta ɗora harajin kashi 1 cikin ɗari daga 1 ga Janairun 2026 a kan aiken da aka biya da tsabar kuɗi a kanta, ban da wanda aka cire daga asusun banki ko katin banki. Shi ma a sa shi cikin lissafi.

Roƙona ga 'yan uwanmu na waje shi ne, in kun tura kuɗi kada ku kira gida ku faɗi abin da kuka lissafa a ka. Ku faɗi adadin nairar da rasiɗi ya nuna, ku turo hotonsa ga mutum biyu, mai karɓa da wani babba a gida. Ku kuma na gida, in kuɗi suka zo ba yadda kuka ji ba, kafin a kira sunan kowa a nemi rasiɗi a duba layin farashi. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a ce ba gaskiya ba ne.

Wanda ke da rasiɗin da ya ɗaure masa kai, ya rufe suna da lambar asusu ya turo mini, in sha Allahu zan duba in na sami sarari. A tura wannan ga 'yan uwa na Saudiyya da Ghana da sauran wurare, su ne abin ya fi shafa. Allah ya tsare mana matafiyanmu, ya sa albarka a abin da suke nema, ya ba manomanmu rani mai albarka. Amin.